Roƙon Sauya Mai Duba Bincikena

Assalamu alaikum Malam Farfesa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izininka in miƙa wa majalisar sashe buƙatar sauya mai duba aikina na digirin digirgir.

Tun da aka ɗora maka shugabancin tsangaya lokaci ya yi maka ƙaranci. Babi na uku yana teburinka wata biyar, ni kuma tallafin karatuna da iƙamata nan Madina za su ƙare a Sha'aban. Idan ban miƙa kundin kafin nan ba, sai na nemi ƙarin zango, wanda ba lallai a ba ni ba.

In ka amince, sa hannunka kawai fom ɗin yake jira. Gyare-gyarenka na babi biyun farko suna nan yadda ka yi su, da sunanka a shafin godiya.

Allah ya saka da alheri.

Ɗalibinka