Wasiƙa ga Hajiya Rabi kan abincin walimar bikin Sadiya da Kabiru

Agege, Legas
Litinin, 20 ga Oktoba, 2025

Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya yaran aiki? Na rubuto ne domin abin da muka tattauna da baki ya zauna a takarda, ke da kwafi ni da kwafi, kada ranar biki a yi ta "ai cewa kika yi".

Walimar ranar Asabar ce, 15 ga Nuwamba, a ɗakin taron da muka duba tare a Ikeja. Baƙi za su fara shiga ƙarfe 2 na rana, a fara rabon abinci ƙarfe 3, a gama kafin mutane su tashi sallar la'asar. Ina so motarki ta iso ƙarfe 12. Kin san hanyar Agege zuwa Ikeja ranar Asabar, kowa da bikinsa, tafiyar minti ashirin sai ta ci awa guda. Masu ɗakin ba su yarda da itace ko gawayi ba, gas kaɗai, shi ma a bayan gini.

Mutum 360 muke sa rai: mata 190, maza 110, yara 35, sai ma'aikata 25, wato direbobi, masu hoto, masu sauti da masu gadi. Amma ki dafa na 400. A Legas kati ɗaya mutum biyu yake kawowa. Tebur 30 ne, kowanne mutum 10, yara kuma suna da nasu wurin. Rarar 40 ɗin ta tsaya a kula a rufe, kada a buɗe sai ni ko Anti Lami mun ce. Na ma'aikata a zuba a roba tun ƙarfe 1 a ba su, don idan aka bar su da yunwa su ne za su tare yaranki a bakin ƙofa.

Ga yadda za a kasa: jalof faranti 180, soyayyar shinkafa 60, tuwon shinkafa da miyar taushe 60, masa 60 a ba kowa huɗu, amala da ewedu da gbegiri 40 saboda dangin mahaifiyar ango da za su zo daga Ilorin. Faranti 240 na shinkafa, idan aka lissafa giram 150 ɗanya ga kowa, kilo 36 ke nan, don haka buhu ɗaya mai kilo 50 ya isa har da saura. Shinkafar tuwo da ta masa daban ce, farar ta gida, ki sayo a Mile 12 ranar da za ki ɗauko tumatir da tattasai da albasa. Ƙullin masa a kwaɓa da asuba. Zafin garin nan yana sa ya tashi da wuri, idan ya kwana sai ya yi tsami. Amala a tuƙa ta a wurin, dab da rabo.

Soyayyar shinkafa ita nake tsoro. Da hanta da koren wake da karas, in aka rufe ta da zafinta a kula tun safe, kafin la'asar ta fara yauƙi. Ki dafa ta a ƙarshe, ki bar hantar. Salak ma kada a haɗa shi da bama sai lokacin zubawa.

Kaji 50, a yanka kowace gida takwas. Naman sa kilo 40, yanka biyu a faranti. Raguna biyu na farfesun manya da tsire. Duka ya zama yankan Musulmi. Ƙanena Malam Sani zai raka yaronki mayankar Oko-Oba ranar Juma'a da safe, kajin kuma a yanka su a gabanki. Ba ma son kajin ƙanƙara da ba a san wanda ya yanka ba. Giya ko ta girki kada ta shigo.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, ki karanta wa yaranki da kanki.

Ƙanwar amarya, Ummi, mai shekara 9, da wani abokin ango, jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan. Ba ƙaiƙayi kawai ba, leɓe da maƙogwaro ke kumbura har numfashi ya yi wuya. Kuma gyaɗa tana ɓoye a abincinmu inda mutum ba ya tunani: a miyar taushe, a ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin tsire, a man gyaɗa, musamman na gida. Tsame nama daga miya a ba su ba ya raba su da ita, haka cokalin da ya shiga taushe ya koma jalof. Saboda haka jalof, soyayyar shinkafa da kaji duk a yi su da man waken suya, sabo, wanda ba a soya komai a ciki ba. Taushe da tsire su zauna a ƙarshen teburin rabo da ludayinsu da mai zubawarsu, da takarda babba a gaba da ta ce akwai gyaɗa. Farantin su biyun ki zuba da hannunki tun kafin a buɗe taushe, ki rufe, ki rubuta suna. Ummi tana tebur na 2 wurin mahaifiyarta, abokin ango yana na 7. Teburin yara kada tsire ya je gaba ɗaya, yara suna musayar nama.

Masu ciwon suga mutum 8 ne, har da kakar amarya. A yi musu dambun acca da zogale, alala, da gasasshen kifi. Masa kada a kai musu, akwai sukari a ƙullin. Masu hawan jini 6, yawancinsu suna cikin waɗannan takwas ɗin, don haka tukunya ɗaya ta mutum 12 za ta ɗauke su duka: gishiri kaɗan, babu dunƙule, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa don ɗanɗano. Daddawar ma ki tabbatar ba mai gishiri ba ce. Baffan ango yana da gyambon ciki, a ɗebar masa farfesu kafin a zuba attaruhu. Abokan aikin amarya biyu ba sa cin nama ko kifi, kuma jalof ɗinki da romon kaza kike yi, to a dafa musu 'yar tukunya da ruwa zalla, da soyayyar ayaba da wake. Waɗannan 15 ɗin daga cikin rarar za a cire su.

Abin sha: ruwan roba 700, zoɓo lita 60, kunun aya lita 30. Lita 10 na zoɓon a bar shi babu sukari a jarka mai alama. Kunun aya ba ya jimiri, a haɗa shi da safe ya zauna cikin ƙanƙara har a raba. Ƙanƙara naki ne, kada mu dogara da firjin ɗakin taro.

Masu rabo 15 nake so, kowa da tebur biyu, mata a ɓangaren mata. A fara da iyaye da baƙin Ilorin da na Kano. Robar guzuri 100 ki taho da ita, amma ba za a zuba wa kowa na tafiya da shi ba sai kowane tebur ya ci.

Kashi 60 cikin ɗari na kuɗin zan tura miki gobe, ragowar ranar Lahadi bayan an ƙirga kaya. Idan farashin tumatir ko gas ya motsa, ki faɗa mini kafin ki saya. Adadin ƙarshe zan tabbatar miki ranar Asabar 8 ga Nuwamba, ranar da za mu zo ɗanɗana jalof da dambun accar ƙarfe 11. Idan akwai abin da kika ga ba zai yiwu ba a nan, musamman batun gyaɗa, ki sanar da ni cikin makon nan.

A gaida Alhaji da yara. Allah ya ba da sa'a.

Taki,
Hajiya Binta, gwaggon amarya