Kulu, ki rubuta min labari

Assalamu alaikum Kulu.

Ya aiki, ya maigidanki da yara? Innarki na gaishe ki, ta ce ko shinkafar da ta aika ta iso, don shiru ba ta ji daga gare ki ba.

Wata buƙata ce ta taso a makaranta. Ƙarshen zangon nan za mu yaye 'yan aji shida, malamai kuma sun ce bana kada a tsaya ga waƙar makaranta da rabon kyaututtuka kawai, a karanta labari. Na ce musu ai ina da marubuciya a gida. Don haka ki rubuta min labari mai daɗi wanda ya shafi garin nan. Saura mako biyar.

Kawunki,
Garba, Argungu

Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma.

Duk muna lafiya. Shinkafa ta iso, har mun yi tuwo da ita, zan kira Inna da dare in yi godiya.

Labari kuwa zan rubuta, da yardar Allah. Amma Kawu, “labari mai daɗi” tamkar ka miƙa wa tela yadi ne ka ce ya ɗinka riga, ba ka faɗi mai sawa ba. Akwai abubuwan da sai na ji daga bakinka kafin in ɗora alƙalami.

Su wa za su saurara? Wannan ta fi sauran nauyi a wurina. In yaran ne kaɗai a aji, zan sake jiki in yi musu barkwanci yadda suke so. In kuwa a fili za a yi, ga iyaye ga hakimi ga mutanen ofishin ilimi a kan kujerun gaba, to akwai wasan da ba zai shiga ba. Kuma wa zai karanta? In kai ne, ba ni da fargaba. In yaro ɗan shekara 11 za a ba lasifika, dole in gajarta jimloli yadda numfashinsa zai kai, in guji kalmar da zai yi tuntuɓe da ita a gaban mahaifinsa. Ka kuma faɗa min ko za a buga a takarda a raba, don abin da aka rubuta saboda kunne daban yake da na ido: na kunne yana son maimaici, da wurin da masu sauraro za su amsa.

Sai irin labarin. Da ka ce ya shafi garin nan, hanya uku na hango. Ko tatsuniya, da “ga ta nan ga ta nanku” da dabbobi masu magana, in kai Gizo bakin kogi. Ko tarihi: Kanta da ganuwar Surame a ƙarni na 16, ko zuwan Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu Argungu a 1934, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, wadda kuma bikin kamun kifi ya samo asali daga gare ta. Ko ƙagaggen labari na yau, yaro irin naku, da matsala irin tasu. In ka bi ta tawa, ba na son in sa magana a bakin Kanta. Ka san dattawan Kabi, kowa da yadda kakansa ya ba shi labarin, ina ƙaga masa jimla ɗaya wani zai miƙe a taron ya ce ba haka aka yi ba. Na fi son tarihin ya zauna a bayan fage, ƙagaggun mutane su yi tafiyarsu a gabansa.

Wa labarin zai bi? Namiji ko mace, ɗan masunta ko ɗan manoman fadama? Mutum uku sun isa, in suka wuce haka mai sauraro zai fara tambayar na kusa da shi wane ne wane. In akwai sunan da ba ka so, ka faɗa tun yanzu, kada in sa wa maƙaryacin labarin sunan wani yaro a ajin, abokansa su laƙaba masa har ya girma.

Tsawo kuma, minti nawa ka ware masa a jadawalin taro?

'Yarka,
Hauwa'u, Birnin Kabi

Kulu,

Ashe aikin naku ma da awo. To, ga amsa.

A filin makaranta za a yi, ƙarƙashin rumfa, iyaye za su zo, hakimi ma mun kai masa takarda. Yarinya ce za ta karanta, ita ta fi kowa karatun Hausa a ajin, muryarta kuma tana fita, sai dai in ta ji kunya takan yi sauri. Minti goma na ba ki, kada ki wuce, don rana na yin sama mutane za su fara zamewa. Ba mu da kuɗin bugawa da yawa, kwafi kaɗan za mu yi mu ajiye a ofis, malaman aji biyar su riƙa amfani da shi.

Bar tatsuniya, suna jin ta a gida. Na yarda da ke a kan Kanta, dama mun kai su gidan tarihinsa a zangon da ya wuce, sun ga makamai da ganguna, ya ishe su. Ki yi na yau ɗin. Abin da ke damuna shi ne yawancin yaran nan jikokin masunta ne, amma sun ɗauka kamun kifi abin biki ne kawai, ranar da ake cika kogin Matan Fada, baƙi su zo da kyamara, a ɗora giwan ruwa a sikeli. Biki ya tsaya kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020, kamun kifi kuwa bai tsaya ba ko na rana ɗaya. Ina so su ga ranar da ba kowa a bakin ruwa sai tsoho da jikarsa. Ki nuna shi zaune da asuba yana ɗinke homarsa inda ta yage, zaren a haƙori, da yadda yake kifa ciki a kan gora ya yi iyo da ƙafa, in ya kama kifi ya jefa ta bakin gorar. Jikar ta zama ita ce mai labarin, tunda mace ce za ta karanta. Na ukun ki sa wanta, wanda ke jin kunyar a ce masa ɗan masunci, burinsa ya samu babur ya yi kabu-kabu. Kada ki mai da shi mugu, irinsa suna nan da yawa cikin waɗanda za su zauna a taron.

A yi dariya a ciki, amma kada kowa ya mutu, kada kuma a sa soyayya. Tsohon ya yi maganarsa da Kabanci yadda muke yi, sauran bayanin ki bar shi a daidaitacciyar Hausa saboda jarrabawa. Wa'azi a ƙarshe ba sai kin yi ba, jawabina na nan tafe bayan labarin. Sunaye: ki guji Nasiru da Saratu, akwai su a ajin.

Kawunki

Kawu,

Yanzu na ga labarin. Minti goma a bakin yarinya mai sauri, zan tsaya wajen kalma 1,000, in sa mata alama a wuraren da za ta dakata ta bar mutane su yi dariya. Zan turo daftarin farko nan da mako biyu, ka sa ta karanta maka shi da ƙarfi ka duba agogo, duk inda harshenta ya sarƙe ka ja layi in gyara.

Abu ɗaya ya rage. Rabona da jin hirar masunta tun ina yarinya, ba na son in rubuta abin da za su ji su ce wannan 'yar birni ce. Ranar Asabar zan shigo Argungu da motar safe. Ka nema min tsoho ɗaya da zai yarda in zauna kusa da shi yana gyaran homa, in yi ta tambaya. Ka ce wa Inna a gida zan kwana.

Hauwa'u