Shida na me, Ummi?

Ummi, ajiye fensir ɗin nan tukuna, matso kusa da Kawu. Na duba aikin da Malama ta ba ku. Ta tambaya nawa ne darajar 6 a cikin 60, kika rubuta shida. Ta sake tambaya a cikin 600, nan ma kika rubuta shida. To, idonki bai yi miki ƙarya ba, 6 ɗin nan da wancan kamarsu ɗaya a takarda. Tambaya guda ce kika tsallake ba ki yi ba: shida na me?

Je ki ɗauko tsohuwar tsintsiyar can ta bayan ƙyaure. Ban ce sabuwar Umma ba, kar ki ja mana faɗa. Zaro tsinke shida ki jera su a ƙasa. Nawa ne? Shida. Madalla, wannan babu gardama.

Yanzu zaro goma ki ba ni. Kin ga na ɗaure su da zare, sun zama ƙulli ɗaya. Ƙullin ɗaya ne, amma tsinke goma ne a cikinsa. Yi mini irinsa har su kai shida, ni zan riƙa ɗaurewa. A'a, wannan tara ne, sake ƙirgawa. Yawwa. To taɓa su ɗaya bayan ɗaya muna ƙirgawa tare: goma, ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin. Ƙulli nawa ne a gabanki? Shida. Tsinke nawa? Sittin. Ga 6 ɗin da ke cikin 60 nan a gabanki, kin taɓa shi da hannunki. Ba tsinke shida yake nufi ba, ƙulli shida yake nufi, kowane ƙulli goma.

Ƙaro ƙulli huɗu su cika goma. Sai mu haɗa su gaba ɗaya mu ɗaure da igiya, ya zama dami. Ɗaga shi ki ji. Tsinke ɗari ne cif a hannunki. Shi 6 na cikin 600 irin wannan damin yake ƙirgawa, guda shida. Ba za mu ɗaura sauran biyar ɗin ba, don tsintsiyar ƙarewa za ta yi. Amma dubi damin nan ɗaya tak, ki dubi ƙulli shidan da muka ƙirga ɗazu. Shi kaɗai ya fi su yawa da tsinke arba'in, balle a ce shida ne.

To yaya mai karatu zai gane ko tsinke ake nufi, ko ƙulli, ko dami, tunda ba a zana masa su? Daga wurin da lambar ta zauna. Kawo karan nan in zana miki gida uku a ƙasa, a jere. Wannan na hannun dama, wajen hannun da kike cin abinci da shi, gidan ɗai-ɗai ne, na tsinkayen da ba a ɗaure ba. Na tsakiya gidan goma-goma, na ƙulli. Na hagu gidan ɗari-ɗari, na dami. Kullum daga dama ake fara ƙirga gidajen. Kuma dokarsu ɗaya ce: babu gidan da ke ɗaukar abin da ya wuce tara. Da sun cika goma sai a ɗaure su, su zama ɗaya, su ƙaura gidan da ke hagu.

Yago 'yar takarda ki rubuta 6 a kai, babba. Sa ta a gidan dama. Shida. Ɗaga ta ki matsar da ita gidan tsakiya. Yanzu ƙulli take ƙirgawa, sittin ke nan. Ƙara matsar da ita. Ɗari shida. Kin goge wani abu a jikin takardar? Kin ƙara mata wani abu? Ko kaɗan. Gida kawai ta sake, kuma duk taku ɗaya da ta yi zuwa hagu sai darajarta ta ninka sau goma.

Na ga kina kallon sifili. Na san abin da ke ranki, don yara da yawa haka suke ɗauka: wai sifili ne ke ƙara wa lamba girma, ɗaya ya ba da sittin, biyu su ba da ɗari shida. Wannan dabarar tana aiki yau, gobe ta yashe ki. Dubi 647. Ina sifili a ciki? Babu ko ɗaya, amma 6 yana gida na uku, don haka ɗari shida ne har yanzu: dami shida, ƙulli huɗu, tsinke bakwai. Aikin sifili shi ne ya tsare gidan da babu kowa a ciki. A 600 babu ƙulli, babu tsinke ɗai-ɗai, shi ya sa aka sa sifili biyu. Da an bar gidajen haka nan, mai karatu zai ga 6 tsaye shi kaɗai, ya ɗauka tsinke shida ne.

Kin san waɗannan lambobin tun daga Islamiyya, ba ki lura ba ne. Izu nawa ne a Alƙur'ani? Sittin. Goma-goma sau shida. To shafi fa? Bugun Madina irin na Abbanki shafi 604 ne. Jera mini 604 a gidajen nan. 6 a gidan ɗari, 4 a gidan ɗai-ɗai, na tsakiya kuwa sifili ya tsare shi. Share sifilin da yatsanki ki matso da 6 kusa da 4, ki karanta. Sittin da huɗu. Kin ga shafi ɗari biyar da arba'in sun ɓace saboda sifili ɗaya.

Ko ki duba agogon bango. Minti 60 awa ɗaya ce. Minti 600 kuwa awa goma, daga ƙarfe bakwai na safe da kike fita makaranta har biyar na yamma, bayan La'asar. In Malama ta ce ku zauna shiru na minti 60, za ku yi ƙunƙuni ku zauna. In ta ce 600, ai sai Umma ta biyo sahu.

Saura gwaji. Ga 'yan naira goma-goma guda shida a hannun nan, masu hoton matan Fulani ɗauke da ƙwaryar nono a bayan takardar. Ga 'yan ɗari-ɗari guda shida a wannan. Takarda shida nan, takarda shida nan. Zaɓi ɗaya.

Af! Ashe kin sani. Ko ƙiftawa ba ki yi ba kika nuna na ɗari-ɗari. Me ya sa, tunda duk shida ne? Faɗa da ƙarfi. Shida na ɗari ya fi shida na goma. To shi ke nan abin da Malama take tambaya. Dawo mini da kuɗina, na cefane ne.

Ɗauki fensir ki gyara amsoshin nan biyu da kanki. In kin gama, rubuta 16, da 65, da 660, da 606 a ƙasa. Duk inda kika ga 6 ki ja layi a ƙarƙashinsa, ki fara ƙirga gida daga dama, ki rubuta nawa yake. Ki kula da na ƙarshen biyu, kowannensu 6 biyu ne a ciki.