Tsarin Bitar Kwantum Makaniks na Mako Uku Kafin Jarrabawar Ƙarshe

Zuwa ga ɗaliban ajin ƙarshe na Sashen Fiziks, daga malamin kwas.

Jarrabawa za ta kasance nan da mako uku, ranar Litinin da ƙarfe tara na safe. Za a ba ku awa uku, kuma za ku amsa tambaya huɗu daga cikin shida. Mafi yawan makin kowace tambaya yana kan matakan da kuka bi kuka fitar da sakamako, don haka wanda ya haddace lissafin ƙarshe ya zuba shi a takarda ba tare da nuna inda ya fito ba, abin da zai samu kaɗan ne. Dokar wannan bita guda ɗaya ce: duk lissafin da aka ambata a ƙasa, ku rufe littafi, ku ɗauki farar takarda, ku fitar da shi daga farko har ƙarshe, sannan ku buɗe littafin ku ga inda kuka kauce. Awa biyu a rana sun isa, muddin da biro a hannu aka yi su.

Mako na farko: lissafin Schrödinger a layi ɗaya

Ku fara da kwana biyu a kan tushe. Ku ɗauki lissafin Schrödinger na 1926 mai ɗauke da lokaci, ku sa Ψ(x,t) = ψ(x)φ(t), ku raba shi gida biyu har ku kai ga Hψ = Eψ da φ(t) = exp(−iEt/ħ). Daga nan ku nuna cewa jimillar yiwuwa, wato ∫|Ψ|²dx, ba ta canzawa da lokaci, ku kuma fitar da [x,p] = iħ. Wajen wannan na ƙarshen ne ake yawan tuntuɓe, domin ɗalibi yakan rubuta xp − px ya soke su kamar lambobi, ya ce amsa sifili ce. Ofareta ba ya aiki a kan iska; dole ku ajiye wani f(x) a damansa, ku bar p = −iħ d/dx ya yi aiki a kan xf gaba ɗaya, sannan ku cire f a ƙarshe. Haka nan ku tabbatar kun iya nuna cewa ofaretan da yake Hamishiyan ba ya ba da ƙima sai ta haƙiƙa, kuma yanayi biyu masu ƙima daban suna da ∫ψₘ*ψₙdx = 0. Layi biyar ne ko shida, amma kusan kowace shekara sai an sami masu mance alamar tauraro a kan ψ ta hagu.

Kwana na uku na rijiya ce mai bango marar iyaka, mai faɗin L. Kowa yana ganin ya iya ta, shi ya sa ake zubar da maki a kanta. Ku rubuta sharuɗɗan baki a fili, ψ(0) = 0 da ψ(L) = 0, ku nuna yadda na farko ya kawar da cos, na biyu kuma ya tilasta kL = nπ, sannan ku faɗi dalilin da ya sa n ba ya zama sifili: idan ya zama sifili, ψ ta ɓace ko'ina, ke nan babu ƙwayar da ake magana a kanta. Sakamakon shi ne Eₙ = n²π²ħ²/(2mL²) da ψₙ = √(2/L) sin(nπx/L). Bayan kun gama, ku mayar da rijiyar tsakanin −a da +a ku sake yi. Faɗin ya koma 2a, makamashin ya zama n²π²ħ²/(8ma²), yanayin ƙasa kuma ya koma cos. Wanda ya kwafo amsar rijiyar farko ya ɗora a kan ta biyu ya yi kuskure ninki huɗu. A matsayin ma'auni, ku riƙe cewa elektiron a rijiya mai faɗin nanomita 1 yana da E₁ kusan 0.376 eV. Idan na'urar lissafinku ta ba ku abin da ya fi haka sau arba'in, to kun sa h a wurin ħ, tunda bambancin 2π ne kuma an ninka shi a kansa.

A wannan rana kuma ku gwada haɗin yanayi biyu, (ψ₁ + ψ₂)/√2. Kowane ɓangare yana da nasa exp(−iEₙt/ħ), kuma ba a fitar da guda ɗaya a ɗora wa duka biyun. Matsakaicin makamashi 2.5E₁ ne, amma idan aka auna, E₁ za a samu ko 4E₁, kowanne da rabin yiwuwa; ba za a taɓa karanta 2.5E₁ a awo guda ba. Ina son ganin wannan bambanci a rubuce da kalmomi.

Sauran kwanakin makon na mataki ne da shinge da rijiyar delta. A matakin da E ya fi V₀, ku haɗa ψ da dψ/dx a x = 0, ku samu R = ((k₁ − k₂)/(k₁ + k₂))². Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta T = |C/A|², alhali saurin igiyar ya canza bayan ta haura matakin, don haka daidai shi ne T = (k₂/k₁)|C/A|², wanda ke ba da 4k₁k₂/(k₁ + k₂)². Ku tara R da T. In ba su ba da 1 ba, ku koma baya tun kafin ku miƙa takarda. A shinge mai kauri a, ku san inda exp(−2κa) ya fito, tare da κ = √(2m(V₀ − E))/ħ. Ga elektiron da ya gaza shingen da 1 eV, κ kusan 5.1 ne a kowace nanomita, saboda haka kauri rabin nanomita yana ba da exp(−5.1), kusan 0.006. Da irin wannan lissafi Gamow ya bayyana ruɓewar alfa a 1928, kuma ambaton hakan yana da amfani idan aka nemi misali. A rijiyar delta, V = −αδ(x), ψ ba ta yankewa amma gangararta tana tsalle da −(2mα/ħ²)ψ(0), kuma yanayi ɗaya tak ke ɗaure, mai E = −mα²/(2ħ²).

Mako na biyu: osileta, juyawa da haidurojin

Ku ba osileta kwana biyu cur, domin hanyar a da a† tana dawowa a wasu tambayoyin. Ku fara da [a,a†] = 1, ku nuna H = ħω(a†a + ½), ku nuna cewa a yana sauke makamashi da ħω, sannan ku kawo hujjar cewa tsanin yana da matakin ƙasa inda a|0⟩ = 0. Wannan hujja ita ake tsallakewa, kuma ita ce zuciyar tambayar, domin daga gare ta ne Eₙ = (n + ½)ħω ke fitowa. Ku kiyaye a|n⟩ = √n |n−1⟩ da a†|n⟩ = √(n+1) |n+1⟩. Wajen fitar da ⟨x²⟩, ku buɗe (a + a†)² a hankali, ku bar aa† da a†a kowanne a wurinsa; wanda ya haɗe su ya rubuta 2a†a ya zubar da rabin nan, sai yanayin ƙasa ya fito masa da ⟨x²⟩ = 0, abin da ya saɓa wa ƙa'idar Heisenberg ta 1927. Amsar ita ce (n + ½)ħ/(mω), kuma a n = 0 ana samun ΔxΔp = ħ/2 daidai.

A kan L na juyawa, ku fitar da [Lx,Ly] = iħLz daga [x,p], ku nuna L² da Lz suna jituwa, ku bi tsanin L₊ da L₋ har zuwa l(l+1)ħ² da mħ. Masu rubuta l²ħ² suna nan kowace shekara. Sifin na rabi bai kamata ya ci muku fiye da kwana ɗaya ba: ku rubuta matiris ɗin Pauli guda uku daga ka, ku nemo yanayin Sx, ku kuma warware tambayar gwajin Stern da Gerlach na 1922 inda ake jera na'urori, a auna z, a auna x, a sake auna z.

Ba na tsammanin ku warware lissafin haidurojin dukansa a zauren jarrabawa. Abin da nake nema shi ne raba ψ zuwa R(r)Y(θ,φ), sauya u = rR, bayyana inda ħ²l(l+1)/(2mr²) ya fito, da tabbatar da cewa exp(−r/a₀) yana warware lissafin da E = −13.6 eV, inda a₀ yake 0.0529 nm. Babban ramin da ake faɗawa shi ne mance r² sinθ a cikin intigiral. Idan ba a sa r² ba, sai lissafi ya nuna elektiron ya fi yiwuwa a r = 0; idan an sa, nisan da ya fi yiwuwa a₀ ne, matsakaicin nisa kuma 3a₀/2. Tambayoyi biyu ne daban, ku duba wadda aka yi muku. Kowane mataki yana ɗauke da yanayi n², ko 2n² idan an lissafa da sifin.

Mako na uku: hanyoyin kusantawa da gwajin kai

Kwana uku na farko na ƙaramin gyara ne ga H. Ku fitar da gyaran farko, ⟨n|H′|n⟩, ta hanyar jera lissafin bisa darajar λ, sannan gyara na biyu, Σ|⟨m|H′|n⟩|²/(Eₙ − Eₘ), inda ake tsallake m = n. Juya alamar ƙasa kuskure ne mai sauƙin kamawa, domin gyara na biyu ga yanayin ƙasa kullum yana rage makamashi ne. Ku gwada λx⁴ a kan osileta, wanda ke ba da 3λħ²/(4m²ω²) a yanayin ƙasa, sannan λx³, wanda gyaransa na farko sifili ne saboda rashin daidaiton hagu da dama. Wanda ya lura da hakan ya tsira da minti goma. Idan matakai suna da makamashi ɗaya, kamar n = 2 na haidurojin a cikin filin lantarki, wancan lissafi ba ya aiki saboda ƙasansa zai zama sifili, sai an gina matiris an warware shi. A hanyar gwaji kuwa, ku tabbatar da hujjar cewa ⟨H⟩ ba ya sauka ƙasa da E₀. Siffar Gauss tana ba haidurojin kusan −11.5 eV, sama da −13.6, duk wanda ya samu ƙasa da −13.6 ya yi kuskure a wani wuri, galibi bai raba da ⟨ψ|ψ⟩ ba.

Ranar Alhamis da Asabar ku zauna wa tsohuwar takardar jarrabawa ta sashen, awa uku cif, babu littafi babu waya, kowace tambaya minti arba'in, sauran minti ashirin ɗin kuma na zaɓen tambaya da dubawa. Ku yi musayar takardu da abokan karatu ku yi wa juna maki, ba sani ba sabo. Juma'a ku sake fitar da duk lissafin da ya gagare ku ranar Alhamis. Lahadi kada ku buɗe sabon babi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku karanta jerin kurakuranku kawai, ku kwanta da wuri.

Za a raba muku takardar ƙimomi mai ɗauke da ħ, nauyin elektiron, cajinsa da a₀, amma ba za ta ƙunshi ψₙ ko dokokin a da a† ba. Ku zo da katin shaida da na'urar lissafi wadda ba ta ajiye rubutu. Ina ofis ranakun Talata da Laraba daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, kuma duk mai zuwa da tambaya ya riƙo takardar da ya gwada lissafin a kanta, domin daga layin da ya tsaya za mu fara.