Takardar Aikin Lissafi ta Ajin SS 2: Log da Fawa

Ku yi aikin a littafin lissafi, ku miƙa wa monita ranar Litinin kafin darasin farko. Jimlar maki 50 ne. Daga tambaya ta 6 zuwa ta 11, duk amsar da ba a mayar da ita cikin tambaya an gwada ba, rabin maki za ta samu, ko da daidai ce.

Kashi na A: log fawa ce

Kun san 2⁵ = 32. Idan aka ɓoye 5 ɗin aka ce "wace fawa za a ɗora wa 2 ta ba da 32?", amsar ita ake rubutawa log₂ 32 = 5. Magana ɗaya ce aka rubuta ta hanya biyu:

aˣ = y daidai yake da logₐ y = x

Lambar a ita ce tushe. Dole ta fi sifili, kuma kada ta zama 1. Ita ma y dole ta fi sifili. Inda ba a rubuta tushe ba, 10 ake nufi.

1. Ku mayar da su log: (a) 3⁴ = 81 (b) 10⁻² = 0.01 (c) 16^(1/2) = 4 (d) 7⁰ = 1. Maki 4.

2. Ku mayar da su fawa: (a) log₅ 125 = 3 (b) log₂ (1/8) = −3 (c) log₂₇ 3 = 1/3. Maki 3.

3. Ba kalkuleta, ba teburin log, ku nemo: (a) log₂ 64 (b) log₉ 3 (c) log₄ 8 (d) log 0.001. Maki 4.

4. A jimla biyu, ku faɗi abin da ya sa babu log₂ (−8), da abin da ya sa 1 ba ta zama tushe. Maki 2.

Kashi na B: dokokin log

Ba sai kun haddace su ba, domin dokokin fawa ne da kuka yi a SS 1. Tunda aᵐ × aⁿ = aᵐ⁺ⁿ, ninka lambobi yana nufin tara fawarsu, kuma log ita ce fawar:

log (MN) = log M + log N
log (M/N) = log M − log N
log Mᵏ = k log M

Domin wannan sauƙin John Napier, mutumin Sukotlan, ya fito da log a 1614, Henry Briggs kuma ya tsara ta kan tushe 10. Masu ilimin taurari da matuƙan jiragen ruwa suna ninka dogayen lambobi da hannu, sai log ta mayar musu da aikin ya koma tarawa. Teburin log da kuke zuwa da shi aji daga can ya samo asali.

Babu wata doka ta log (M + N). Ku gwada: log (1 + 1) = 0.3010, amma log 1 + log 1 = 0.

5. Idan log 2 = 0.3010, log 3 = 0.4771, ku nemo: (a) log 6 (b) log 1.5 (c) log 72 (d) log 5. Maki 4.

Kashi na C: idan x ta hau fawa

Misali na ɗaya: 3ˣ = 20. Kafin ku taɓa kalkuleta, ku yi kirdado: 3² = 9, 3³ = 27, ke nan x tana tsakanin 2 da 3, kuma ta fi kusa da 3. Sai a ɗauki log na ɓangarorin biyu:

x log 3 = log 20
x = 1.3010 ÷ 0.4771 = 2.727

Gwaji: 3^2.727 ≈ 20.00. Ta zauna. Ku lura, rabawa aka yi. Duk shekara sai an samu mai ɗebe 0.4771 daga 1.3010 ya rubuta 0.8239 ya ja layi biyu a ƙasa. Da ya yi kirdadon nan, da ya ga lambar ko 1 ba ta kai ba, kuma 3^0.8239 kusan 2.47 ne kawai.

Misali na biyu: 4ˣ − 2ˣ − 12 = 0. Tunda 4ˣ = (2ˣ)², a sa y = 2ˣ:

y² − y − 12 = 0
(y − 4)(y + 3) = 0

Idan 2ˣ = 4, x = 2. Gwaji: 16 − 4 − 12 = 0. Amma 2ˣ = −3 ba ta da amsa, domin kowace fawa aka ɗora wa 2, abin da zai fito ya fi sifili. Ku rubuta wannan dalilin da alƙalaminku. Mai duba takardar WAEC ko NECO ba zai ba ku makin abin da kuka bari a zuci ba.

Kada kuma ku ɗauka duk amsa mai alamar ɗebewa jefar da ita ake yi. Ita x tana iya zama ƙasa da sifili. Abin da ba ya iyawa shi ne aˣ, da lambar da ke cikin log.

6. Ku daidaita tushe ku nemo x: (a) 2ˣ⁺¹ = 32 (b) 9ˣ = 27 (c) 5²ˣ⁻¹ = 1/125. Maki 6.

7. Ku yi kirdado, sannan ku nemo x da lamba biyu bayan ɗigo: (a) 2ˣ = 7 (b) 5ˣ = 2ˣ⁺¹. Maki 6.

8. (a) 9ˣ − 10(3ˣ) + 9 = 0 (b) 25ˣ − 4(5ˣ) − 5 = 0. Maki 8.

9. log₃ x + log₃ (x − 6) = 3. Ku gwada a wannan layin na asali, ba a wanda kuka samu bayan haɗe log ɗin ba. Maki 4.

10. Wata ɗaliba ta rubuta: 2(3ˣ) = 18, saboda haka 6ˣ = 18, x = 1.61. Ku gwada amsarta, ku nuna layin da ta kuskure, ku gyara. Maki 4.

11. A ce buhun masara ₦40,000 ne bana, kuma kuɗinsa na ƙaruwa da kashi 20 cikin ɗari sau ɗaya a shekara. Bayan shekara nawa zai fara wuce ₦100,000? Maki 5.

Amsoshi (sai kun gama ku duba, hanyar aiki da gwaji nake ba wa maki)

1. log₃ 81 = 4; log 0.01 = −2; log₁₆ 4 = 1/2; log₇ 1 = 0.
2. 5³ = 125; 2⁻³ = 1/8; 27^(1/3) = 3.
3. 6, 1/2, 3/2, −3.
4. Babu fawar 2 da ke ba da lamba ƙasa da sifili. Ita kuwa 1, kowace fawa aka ba ta, 1 take fitarwa.
5. 0.7781, 0.1761, 1.8572, 0.6990.
6. 4, 3/2, −1.
7. 2.81, 0.76.
8. (a) 0 da 2, duk biyun sun zauna. (b) 1 kaɗai, domin 5ˣ = −1 ba ta yiwuwa.
9. 9 kaɗai. Amsar −3 ta faɗi, tunda babu log₃ (−3).
10. 2 × 3^1.61 ≈ 11.7, ba 18 ba. Fawar tana kan 3 kaɗai, don haka ba a ninka 2 da 3. A raba da 2: 3ˣ = 9, x = 2.
11. 1.2ⁿ = 2.5, n ta ɗara 5 kaɗan. Bayan shekara 5 kuɗin ₦99,533 ne, bai kai ba. Bayan shekara 6 zai zama ₦119,439. Amsa: 6.