Takardar Neman Gyaran Ranar Haihuwa a Sakamakon Bakaloriya

Garwa, 4 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Shirya Jarrabawar Bakaloriya,
Yawunde.
Ta hannun Wakilin Ma'aikatar Ilimin Sakandare na Yankin Arewa, Garwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Hadiza Umaru, mazauniyar unguwar Rumde Ajiya a Garwa. Na rubuta Bakaloriya ta bana a sashen kimiyya, lambata ta zama 04127, kuma Allah ya ba ni nasara. Sai dai da na karɓi takardar sakamako na ga an rubuta an haife ni ranar 12 ga Maris, 2001, alhali 12 ga Maris, 2007 aka haife ni. An ƙara mini shekara shida ke nan.

Mahaifina ya koma makarantarmu, aka ɗauko masa takardar da aka yi mini rajista da ita. Da hannu aka cike ta, kuma bakwai ɗin ƙarshe ba a ja masa layin tsakiya ba, sai ya fito tamkar ɗaya. Ba zan ɓoye nawa laifin ba: lokacin da aka kawo jerin sunaye don kowa ya duba nasa, sunana da na iyayena kawai na karanta, na sa hannu.

Ranka ya daɗe, lamba guda ce, amma ta tare mini hanya. Ina shirin shiga gasar neman gurbi a tsangayar koyon aikin likita ta nan Garwa, kuma gasar tana da iyakar shekaru. Ko ba don wannan ba, duk ofishin da ya ga takardar haihuwa ta ce 2007, sakamako ya ce 2001, zai ɗauka rage shekaru na yi. Wannan zargin ya fi komai damuna, domin tun daga firamare ranar haihuwata ba ta taɓa canzawa ba.

Na haɗo da kwafin takardar haihuwata wanda ofishin magajin gari ya buga wa hatimi, da katin ɗan ƙasa, da shaidar kammala firamare, da sakamakon Furobatuwa na bara. Duk 2007 suka nuna. Akwai kuma wasiƙar shugaban makarantarmu da ke bayyana yadda kuskuren ya auku, da asalin takardar sakamakon mai kuskure.

Ina roƙon a gyara ranar a kundin hukuma, a ba ni sabuwar takardar sakamako kafin a buga difloma, don kada kuskuren ya bi ta. Idan gyaran zai ɗauki lokaci, a taimaka mini da takardar shaida cewa ana kan aikin, in saka a cikin takardun gasar.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Taka mai biyayya,
Hadiza Umaru