Takardar Neman Biyan Bashin Kaya

Daga: Alhaji Sabi'u Mai Atamfa, Kasuwar Kantin Kwari, Kano
Zuwa ga: Malam Haladu Mai Shadda, Babbar Kasuwa, Potiskum, Jihar Yobe
Litinin, 14 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne a kan ragowar kuɗina da ke hannunka, naira miliyan biyu da dubu ɗari biyu (₦2,200,000). Da kana ɗaga waya, da ba a kai ga takarda ba.

Ranar Litinin 10 ga Fabrairu, 2025, ka zo shagona tare da Malam Sani dillali, ka zaɓi kayan Sallah da hannunka: atamfa turmi 120 a kan ₦14,500, shadda bandir 20 a kan ₦62,000, leshi 30 a kan ₦18,000. Jimla ₦3,520,000. Ka tura miliyan ɗaya nan take, ka sa hannu a littafin shago cewa za ka cika sauran sati biyu bayan Ƙaramar Sallah. Yarona Auwalu ne ya ɗaure dilolin ya kai tasha, washegari da la'asar kai da kanka ka kira ka ce kaya sun sauka, ka ƙirga sun cika.

An yi Sallah ranar 30 ga Maris. Wa'adi ya cika, shiru. Sai ranar 22 ga Afrilu ka turo ₦320,000, ka ce mutane ba su biya ka ba, in ƙara haƙuri zuwa Babbar Sallah. Na haƙura, don Allah Ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma ni ma na san yadda kasuwa take. Babbar Sallah ta zo ranar 6 ga Yuni ta wuce, ko sisi ban gani ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne saƙon da ka aiko ta bakin Malam Sani, wai shaddar zuba take yi, don haka ba za ka biya ba. Malam Haladu, wata huɗu kaya na shagonka ba ka taɓa cewa uffan ba. A Kwari wanda ya ga aibi a kaya, dawo da su yake a buɗe a gaban mutane, a canza masa ko a rage masa kuɗi. Ko ƙyalle ɗaya ba ka dawo da shi ba. In ma a ce maganar shaddar gaskiya ce, ina kuɗin atamfa da leshi? Sannan a ƙarshen watan Yuni ka shigo kasuwar nan ka yi sari da kuɗi hannu a layin bayanmu, ka bi ta wata ƙofa don kada mu haɗu. Wanda ya sayar maka maƙwabcina ne, tare muke sallar azahar. Ashe kuɗi akwai, biyan ne ba ka so. Ka kuwa san faɗin Manzon Allah (SAW) cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne.

Kayan nan ni ma ba kyauta aka ba ni ba. Na biya wanda na saro a wajensa daga jarina, don in tsare mutuncina. Duk da haka ba na neman ko kwabo a kan kuɗina, abin da ke rubuce kawai nake nema.

Na ba ka kwana 14, zuwa ranar Litinin 28 ga Yuli, 2025, ka tura ₦2,200,000 a asusun da ka saba turo min kuɗi. In akwai kayan da ba a sayar ba kuma ba a yanka ba, ka kawo su shago, zan karɓa a farashin da na ba ka, a cire daga bashin. In kuma biya kashi-kashi za ka iya, ka zo Kano da kanka kafin ranar da rabin kuɗin a hannu, a rubuta sauran a gaban shaidu biyu. Alkawarin waya kam na daina karɓa.

Idan ranar ta wuce ban ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, zan sanar da shugabannin kasuwa, sannan in shigar da ƙara kotu a nan Kano, inda aka ƙulla cinikin, in nemi kuɗina har da abin da na kashe a shari'a. Littafin da ka sa wa hannu, rasit, shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonninka duk suna ajiye, Malam Sani da Auwalu kuma a shirye suke su ba da shaida. Mun daɗe muna hulɗa, ba na jin daɗin rubuta wannan, amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Na aiko takardar ta hannun Malam Sani. Ka sa hannu a kwafi na biyu ka ba shi ya dawo min da shi.

Wassalam.

Alhaji Sabi'u Mai Atamfa
Kantin Kwari, Kano

Kwafi: Malam Sani dillali